Yadda Ake Tono Tsohuwar Hira a WhatsApp

Ciniki da yawa a yau ba ya hawa takarda. A waya ake yin farashi, a waya ake cewa an turo rabi, a waya ake alkawarin ranar cikawa. Haka lissafin adashi, haka kwatancen gida, haka sunan maganin da likita ya rubuta wa tsohuwa shekaru biyu da suka wuce. Ranar da buƙata ta taso, sai ka ga mutum ya duƙufa yana jan hira da babban yatsa, yana ja yana ja, har idonsa ya gaji bai kai ko watan jiya ba. Daga nan sai ya ce saƙon ya goge. Sau da yawa kuwa yana nan daram a wayar, nemansa ne ba a iya ba.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne waya ba ta san ma'anar magana ba. Haruffa take dubawa, daidai yadda aka danna su a ranar da aka rubuta saƙon. Kai abin da ka tuna shi ne kun yi maganar bashi. Ita kuwa ba ta san bashi ba, sai idan an rubuta kalmar a jiki. Idan abin da mutumin ya rubuta shi ne “zan cika maka ranar Juma'a”, to ko sau nawa ka nemi “bashi” ba za ta nuna maka komai ba. Saboda haka tambayar da mai nema zai fara yi wa kansa ita ce: wace kalma ce lallai aka rubuta, kuma yaya mai rubutun yake rubuta ta?

Wuraren nema biyu ne a WhatsApp, kuma mutane da yawa ɗaya suka sani. Na farko shi ne wanda ke saman jerin hirarraki, inda ake ganin alamar madubin dubawa ko wurin rubutu. Wannan yana bincike a dukkan hirarrakin da ke wayar, har da na rukuni, har da waɗanda aka ɓoye a Archived. Na biyu yana cikin hira guda. A wayar Android ana buɗe hirar, a danna ɗigo uku na sama, a zaɓi Search. A iPhone ana danna sunan mutumin a sama, sai a ga Search a shafin bayanansa. A nan ana samun kibiya biyu, ta sama da ta ƙasa, masu tsallakawa da kai daga wuri zuwa wuri inda kalmar ta fito. Na farkon yana amfani idan ba ka tuna da wa kuka yi maganar ba. Idan ka san mutumin, kada ka ɓata lokaci a can, shiga hirarsa kai tsaye.

Sai batun zaɓen kalma, wanda nan ne yawancin masu nema suke faɗuwa. Kalmar da ta fara zuwa bakin mutum ita ce mafi rashin amfani, domin ita ce wadda ake faɗa kullum. Ɗan kasuwa ya nemi “kudi”, malamin makaranta ya nemi “jarrabawa”, sai wayar ta zubo saƙonni ɗaruruwa, na jiya da na shekaranjiya a sama, wanda ake so kuma yana can ƙasa. Kalma mai amfani ita ce wadda da wuya ta fito a wata hirar: sunan unguwa, sunan tasha, sunan magani, launin kaya, laƙabin direban da aka ba saƙo, ko wata magana da mutumin ya faɗa ranar har ta ba ka dariya ko haushi. Wanda yake neman kwatancen gidan da aka yi masa bara ya fi dacewa ya nemi “transfoma” ko “gidan burodi”, wato alamar da aka ce ya lura da ita a hanya, maimakon “gida” ko “layi”. Ana kuma iya haɗa kalma biyu a nema ɗaya, sai a rage tarin sakamakon zuwa saƙonnin da suka ƙunshi dukansu. Amma a tsaya a biyu. Duk kalmar da ka ƙara, ka ƙara yiwuwar ɗaya ta saɓa da abin da aka rubuta, kuma saɓanin harafi ɗaya ya isa ya ɓoye saƙon.

A nan ne mu masu rubuta Hausa muke da tamu matsalar ta daban. Ƙalilan ne suke rubuta ƙ da ɗ da ɓ a hira, kuma a wurin waya k daban, ƙ daban. Wanda ya sa allon rubutu na Hausa ya nemi “kuɗi” zai iya wuce duk inda aka rubuta “kudi” bai gani ba. Ga haɗe kalmomi: wani ya rubuta “an yi”, wani “anyi”, wani “in sha Allah”, wani “insha Allah”, wani “inshallah”. Ga taƙaitawar matasa, “ngd” da “lfy” da “slm”, da masu sa x a madadin z su rubuta “xan xo”. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci kan rubuta “koudi”, saboda haka mai ciniki da mutanen Maraɗi ko Damagaram sai ya tuna da wannan. Lamba ta fi komai rikici. Dubu hamsin ana rubuta ta da kalmomi, ana rubuta 50k, ana rubuta 50,000, ana rubuta 50000, wani ma 50 kawai zai sa ya bar ka ka gane. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba saƙonnin mutumin na kwanan nan ka ga yadda hannunsa yake, domin mutum ba ya cika sauya salon rubutunsa. Manya ko ƙananan haruffa kuwa ba su da tasiri, kada su dame ka.

Akwai dabara guda da take rage wannan wahalar. Binciken yana kama kalma daga farkonta, don haka ba dole ka rubuta ta duka ba. Idan ka rubuta “atamf”, za ka samu atamfa da atamfar da atamfofi a lokaci ɗaya. Wannan ya dace da Hausa ƙwarai, tunda sauyin kalmominmu yawanci a wutsiya yake. Amma ba ya aiki ta baya. Wanda ya tuna lambobi huɗu na ƙarshen lambar asusu ya rubuta su, sau da yawa ba zai samu komai ba, alhali da ya rubuta huɗun farko da ya gani. Haka kalmar da aka manne ta da wata a gaba, kamar “nabiya” a madadin “na biya”: neman “biya” zai iya tsallake ta.

Idan kalma ta ƙi, sai a koma ga lokaci. Cikin wurin nema na hira guda akwai 'yar alamar kalanda. Masu iPhone sun fara samunta, masu Android kuma ta iso gare su a watan Fabrairun 2024. Kana danna ta ka zaɓi rana, sai ta kai ka can ba tare da jan yatsa ba. Matsalar ita ce ba wanda yake tuna kwanan wata. Abin da muke tunawa shi ne “ana azumi”, “bayan zaɓe”, “lokacin da aka rasa takardun kuɗi”, “satin bikin ƙanwata”. Kuma wannan ya wadatar, muddin an mayar da shi kwanan watan Bature. Ƙarancin takardun Naira ya yi tsanani ne daga Janairu zuwa Maris na 2023. An yi zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya ranar 25 ga Fabrairu na shekarar. An fara azumi ranar 23 ga Maris, aka yi Ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilu, aka yi Babbar Sallah ranar 28 ga Yuni. A 2024 kuwa an ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, aka sha ruwan ƙarshe aka yi idi ranar 10 ga Afrilu. A lura da yadda watannin Musulunci suke matsowa baya da kusan kwana goma sha ɗaya duk shekara. Wanda ya ce “da azumi ne” amma ya kuskure shekara, zai sauka a wurin da ba shi ba, ya yi ta dubawa a banza. Shi ya sa ya fi kyau a sami alama biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, su tsare lokacin a tsakaninsu.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Wata baiwar Allah tana saro atamfa a Kantin Kwari tana sayarwa daga gida. Wata abokiyar cinikinta ta taɓa ɗaukar turmi huɗu a kan dubu sittin, ta biya wani abu, saura ya kwanta. An daɗe, sai maganar ta taso. Mai saye ta ce, “Wallahi Hajiya, a sanina dubu goma ce ta rage.” Mai kaya kuma zuciyarta tana ce mata ashirin ne. Ba mai son cin hakkin wata a cikinsu, mantuwa ce kawai, kuma dukansu sun yarda an yi maganar a rubuce.

Hajiya ta buɗe hirarsu ta nemi “atamfa”, ba abin da ya fito na wannan cinikin. Da ta danna kalanda don komawa baya, sai ta lura hirar ma gaba ɗaya daga ƙarshen 2023 ta fara. Wannan alama ce da ya kamata a san ta: idan hira ta fara a tsakiyar zance, ba gaisuwar sanin juna, to akwai wata a baya. Matar ta sauya layi ne. Hajiya ta goge tsohuwar lambar ta sa sabuwa a ƙarƙashin sunan, don haka tsohuwar hirar ta koma lamba tsura ba suna, ta nutse can ƙasan jeri. Neman sunan matar ba zai fito da ita ba.

Sai ta koma babban wurin nema, ta tambayi kanta abin da ya bambanta wannan cinikin da sauran. Ta tuna ba matar ce ta zo ɗauka ba, a Sharaɗa aka kai mata kayan, gidan yayarta. Ta rubuta “sharada” ba lanƙwasa, kamar yadda kowa yake rubutawa a waya. Saƙonni kaɗan suka fito, ɗaya daga wata lamba marar suna. Ta danna, ga tsohuwar hirar.

Yanzu saura lokaci, domin sun yi ciniki fiye da sau ɗaya. Hajiya ta tuna mai Keke Napep ɗin da ya kai kayan ya ninka kuɗinsa yana kukan tsadar mai, kuma atamfar ta ɗinkin Babbar Sallah ce. An sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, Sallah kuma ta zo ranar 28 ga Yuni. Shekaru na hira sun dawo wata guda ke nan. Ta nemi “saura”, ba komai. Ta nemi “20k”, ba komai. Ta tuna matar “ragowa” take cewa, sai ta rubuta “rago”, sai ga maganar ragon layya ta cika wurin, tunda lokacinsa ne. Ta ƙara harafi ɗaya ya zama “ragow”, sai ga shi, a tsakiyar Yuni: “ragowar 20 din sai anyi albashi insha Allah”. Ba a rubuta dubu ba, ba a sa k ba, ba a ambaci bashi ko atamfa ba. Duk kalmomin da ta fara nema babu ko ɗaya a ciki.

Bai kamata a tsaya a saƙo ɗaya ba, kuma wannan ina ganin ya fi komai muhimmanci idan maganar hakki ce. Layi guda da aka ciro daga tsakiyar hira yana iya yaudara. Wataƙila bayan mako biyu matar ta turo goma, shi ya sa ta riƙe goma a ranta. Don haka sai a karanta abin da ya biyo baya, sannan a shiga shafin bayanan hirar a buɗe Media, links, and docs, inda hotuna suke jere bisa lokaci, a duba ko akwai wani hoton shaidar tura kuɗi bayan wannan ranar. Idan saƙon amsa ne ga wani, danna ɗan guntun da aka ɗauko a samansa zai mayar da kai asalin maganar. Sai an ga gaba da baya ake iya cewa ga yadda lissafi yake.

Wannan ya kawo mu ga abin da binciken ba ya gani sam. Rubutun da ke cikin hoto ba rubutu ba ne a wurin WhatsApp. Rasit ɗin banki da aka ɗauka a hoto, ko takardar asibiti, ba za a same su ta neman sunan da ke jikinsu ba, sai idan an yi musu rubutu a ƙasa lokacin turawa. Haka saƙon murya, wanda shi ne rabin hirar mutanenmu. A ƙarshen 2024 an fito da hanyar mayar da murya rubutu, amma harsunan da aka fara da su ba Hausa a ciki. Abin yi shi ne a nemi rubutun da ke maƙwabtaka da muryar. Kusan kullum akwai wanda ya amsa da “to na ji” ko ya turo lambar asusu. A babban wurin nema kuma akwai zaɓin nau'in saƙo, kamar Photos da Audio da Documents da Links, wanda zai ware maka hotuna kaɗai ko takardu kaɗai. Takarda irin PDF tana da sauƙi, domin ana samunta ta sunanta.

Masu Android suna da wata ƙofa ta baya. Hotunan da suka shigo ta WhatsApp suna ɗauke da ranar shigowarsu a jikin sunan fayil, shekara da wata da rana a jere:

```
IMG-20230614-WA0007.jpg
```

Wannan hoton ya shigo ne ranar 14 ga Yunin 2023. Idan ka ga hoton kayan a ma'ajiyar hotunan wayarka amma ka manta lokacin, duba bayanan hoton, ɗauki ranar, ka koma kalandar hirar da ita. Saƙonnin murya ma haka suke, sai dai sunansu da PTT yake farawa.

Idan hirar doguwa ce ƙwarai kuma duk wannan ya gaza, ana iya fitar da ita waje. A Android ana danna ɗigo uku, sai More, sai Export chat, a zaɓi Without media. Za a samu fayil na rubutu zalla, kowane saƙo da ranarsa da lokacinsa da sunan mai turawa. Iyakarsa saƙonni 40,000 na baya-bayan nan, idan kuma an haɗa da hotuna ya sauko zuwa 10,000. Amfaninsa shi ne a kwamfuta, da Ctrl+F, ana kama haruffa ko a tsakiyar kalma suke, don haka lambobin ƙarshen asusu da “biya” na cikin “nabiya” duk za su fito. Sai dai a kula. Da zarar hira ta fita ta zama fayil, duk wanda ya same shi zai karanta, kuma ba sirrinka kaɗai ke ciki ba, har da na abokin hirar. Ba abin da za a bari a kwamfutar shagon buga takardu ba ne.

Masu amfani da Telegram sun ɗan fi samun sauƙi, domin hirarrakinsa na yau da kullum suna ajiye a rumbun kamfanin, duk wayar da ka shiga za ka gan su, kuma a cikin rukuni ana iya ware saƙonnin mutum ɗaya kaɗai. WhatsApp ba haka yake ba. Tun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga mai turawa zuwa mai karɓa, kuma kamfanin ba ya ajiye hirar da ta riga ta isa. Abin da ke wayarka shi ne abin da za ka iya nema. Shi ya sa ya fi kyau a yi binciken a ainihin wayar, domin kwamfutar da aka haɗa da ita ba lallai ta ɗauko tsofaffin shekaru duka ba. Hirar da aka kulle da Chat lock ma ba ta fitowa a binciken gama-gari, sai an shiga inda take.

Ta yaya za a gane saƙon ya tafi da gaske? Idan ka koma farkon hirar ka ga ta fara daidai lokacin da ka sauya waya, to ba a dawo da ajiyar baya ba a ranar. Idan akwai 'yar alamar agogo a jikin hoton mutumin, an kunna saƙonni masu ɓacewa, waɗanda suke gogewa bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, gwargwadon abin da aka zaɓa. A irin wannan hali mutane kan yi saurin cire manhajar su sake sakawa da fatan tsohon saƙo zai dawo. Ina roƙon a yi hattara da wannan. Ajiyar da ke Google Drive ko iCloud ta ƙarshe ce kawai, kowace sabuwa tana hawa kan ta baya. Idan an yi ajiya bayan saƙon ya goge, ba ya cikinta, kuma mutum yana iya asarar na kwanan nan a banza. Abin da ya fi sauƙi shi ne a tuna hira tana da kai biyu. Idan taka ta tafi, ta abokin hirarka tana iya kasancewa, a rukuni ma mutum nawa ne suke da ita. Ka ba shi kalmar da watan, ya duba a tasa wayar.

Idan an samu saƙon, a danne shi a sa masa tauraro. Daga nan zai zauna a Starred, inda za a gan shi ba sai an sake bincike ba, kuma danna shi yana mayar da mutum ainihin wurinsa a hirar. Cinikin da aka ƙulla da murya kuwa, a bi shi da layi ɗaya a rubuce tun a ranar, da sunan kaya da adadi da jimillar kuɗi da abin da ya rage, a bar ɗayan ya amsa a ƙarƙashinsa. Hoton rasit ma a rubuta masa sunan mai biya da abin da aka biya kafin a tura.